Motsa jiki da safe: a karya tukuna ko a fita ciki wayam?

Likita, an ce gudu kafin karin kumallo ya fi ƙona kitse. Gaskiya ne? Tumbi nake son ragewa.

Rabin maganar gaskiya ce, ɗan'uwa. Bayan barcin dare, sugan da hanta ta ajiye ya ragu, insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya sauka, don haka jiki yakan fi cin kitse a lokacin gudun. Amma lissafin ba a nan yake ƙarewa ba. Wanda ya ƙona kitse da yawa da safe, jikinsa yakan fi karkata ga suga a sauran yinin, sai abin ya kusa zuwa kunnen doki.

An gwada wannan a 2014. Aka raba mata 20 gida biyu, aka rage wa kowa abinci daidai wa daida, suna motsa jiki na awa ɗaya sau uku a mako har mako huɗu. Rabi ciki wayam, rabi bayan sun sha abin karyawa. Duka sun rage nauyi da kitse, babu wani bambancin a zo a gani. Binciken ƙarami ne, amma ya nuna inda gizo ke saƙa: jimillar abin da ka ci a yini. In gudun ya bar ka da yunwar da za ta sa ka ninka abincin rana, ka yi asara.

Ina gudun minti 90, amma ƙafafuna kan mutu a hanya. Me zan ci, Likita?

Da zarar motsa jiki zai haura awa ɗaya, cin abinci tukuna yana ƙara juriya. In kina da awa biyu zuwa uku, ci abinci mai sitaci kamar giram ɗaya zuwa biyu kan kowane kilo na nauyinki. Mai kilo 60 ke nan giram 60 zuwa 120. In rabin awa kawai gare ki, ayaba babba ɗaya da ruwa sun wadatar. Guji maiƙo a lokacin, yana daɗewa a ciki ya kawo murɗa.

Ina ɗaga ƙarfe ban ci komai ba. Tsokata za ta zaizaye?

A'a, muddin ka karya bayan ka gama, cikin awa ɗaya ko biyu, da furotin giram 20 zuwa 40. Ƙwai uku da kofin madara sun kai.

Likita, ina da ciwon suga, ina yin allurar insulin.

Kai kam kada ka fita sai ka auna sugan jininka. In na'ura ta nuna ƙasa da 90 mg/dL, ci wani abu tukuna. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri ko rikicewa alamun suga ya faɗi ne: tsaya, sha suga giram 15, wato cokali babba ɗaya a ruwa, ka sake aunawa bayan minti 15. Yakan iya faɗuwa ko bayan awanni da gamawa, saboda haka ka zauna da likitanka kan adadin allurar ranakun motsa jiki.