Dangin mijina ba sa so na, wane saƙo zan tura musu?

"'Yan uwa, dangin mijina ba su taɓa son aurenmu ba, 'yar gida suka so ya aura. Sallah ta matso, ina so in tura musu saƙon neman sulhu ba tare da tone-tone ba. Me zan ce?"

Wayyo 'yar uwa, wallahi kamar ni kika ba wa labarina. Ni ma 'yar ƙanwar Hajiya, uwar mijina, aka yi wa tanadinsa, sai ga ni bare. Ranar sunan ɗana na fari, yayar mijina ta shigo ɗaki cike da mata, ina zaune da jego, na gaishe ta har sau biyu ba ta amsa ba. Ta ɗauki yaron ta jujjuya shi, ta ce, "To, wannan dai bai ɗauko kowa a gidanmu ba," ta ajiye shi a gefen gado ta fita. Gwaggona ce ta danne min gwiwa don kada in tanka. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Kuma matar nan ita ce mai yawan wa'azin zumunci a guruf ɗin dangi!

Guruf ɗin ma, kada ki kuskura ki tura can. Hajiya kaɗai za ki nufa, kuma da murya. In rubutu ne, wata za ta karanta mata, da irin sautin da ta ga dama. Kada ya wuce minti ɗaya, mijinki kuma ya fara ji kafin ya tafi. Nawa kusan haka yake:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa, ya ƙarfin jiki? Na ce bari in gaishe ki, in kuma nemi gafara. Duk abin da na yi wanda ya ɓata miki rai, na sani ko ban sani ba, don Allah ki yafe min. Ni 'yarki ce, in na kauce ki tsawatar min. Allah ya ƙara girma."

Kin ga babu "amma" a ciki, babu "an ce na ce", ban ambaci sunan kowa ba. Da zarar kin fara bayanin yadda kuka haɗu ko abin da wance ta yi miki, ya koma shari'a, kuma sai an tura wa kowa an yi ta tsintar magana.

In ta saurara ta yi shiru, kada ki sake turawa, kada kuma ki matsa wa maigida da "me ta ce?". Ranar Sallah ki je da ƙafarki da kwanon abinci da ɗan turare, ki durƙusa ki gaishe ta, kada ki daɗe. Ni sai da aka kwana biyu kwanona ya dawo da dambun nama a ciki, a nan na gane ta sauko. Yayar kuwa har gobe sama-sama muke gaisawa, ban ma tura mata komai ba.