Waƙoƙina suna aiki a kwamfuta, amma sun dusashe a waya

Tambaya: Ina da waƙoƙi kusan 300 na MP3 a kwamfuta, kuma yawancinsu babu su a Spotify. Na shigar da su ta Local Files, na haɗa su a jeri guda, suna aiki lafiya. Da na buɗe jerin a wayata sai na ga sunayen sun dusashe, ba sa kunnuwa. Shin in biya kuɗin Premium ne, ko in koma wata manhajar?

Amsa: Kada ka biya tukuna, domin abin da ya faru ba shi da alaƙa da rashin biyan kuɗi. Lokacin da ka kunna Show Local Files ka nuna folda ta Add a source, Spotify bai ɗora fayilolinka a rumbunsa na intanet ba. Ya dai gane inda suke a kwamfutar, yana karanta su daga can. Abin da ya bi asusunka zuwa waya shi ne jerin sunaye kawai, shi ya sa wayar ta san sunan waƙa amma ba ta da sautin da za ta kunna.

Maganin da ya fi tabbas shi ne ka kai fayilolin cikin wayar da hannunka. Idan Android ce, ka haɗa ta da kwamfuta ta kebul, ka zaɓi File transfer a allon wayar, sannan ka kwafe foldar zuwa cikin Music. Daga nan ka shiga Settings na Spotify a wayar, ka nemo wurin Local Files ka kunna shi, ka kuma amince idan ya nemi izinin karanta sautukan da ke na'urar. Idan iPhone ce, kunna wannan maɓalli ne zai fara zuwa, domin bayansa ne foldar Spotify take bayyana a manhajar Files ƙarƙashin On My iPhone, kuma a cikinta ake zuba waƙoƙin. Ka fara gwadawa da waƙoƙi biyar kafin ka kwashe duka. Batun wuri ba zai dame ka ba sosai: waƙar minti 4 mai ingancin 192 kbps takan ci kusan megabait 6, don haka 300 za su tsaya a wajen gigabait 1.7.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, kuma a nan ne aikin yakan lalace. Spotify yana gane fayil ɗinka ne ta bayanan da ke rubuce a cikinsa, wato sunan mawaƙi, sunan kundi, sunan waƙa da tsawonta, ba ta sunan da kake gani a folda ba. Idan bayanan da ke waya sun yi daidai da na kwamfuta, waƙar da ta dusashe a tsohon jerin za ta iya farfaɗowa. Idan kuwa ka gyara harafi ɗaya a sunan mawaƙi bayan ka riga ka kwafe, manhajar za ta ɗauke su a matsayin waƙoƙi biyu daban, sai ka ga waƙa tana kunnuwa a Local Files amma a jerin tana nan a dusashe. Saboda haka ka gama duk gyaran bayanai a kwamfuta tun farko, da manhaja irin Mp3tag, ka sake shigar da waƙoƙin da ka gyara cikin jerin, sannan ka kwafe zuwa waya. Na san aiki ne mai gundura, amma sau ɗaya ake yin sa.

Tsohuwar hanyar da wataƙila ka ji labari, wadda a da ake danna Download a waya alhali na'urorin biyu suna kan Wi-Fi ɗaya, ita ce ta kasance tana buƙatar Premium. Ba na ba da shawarar a biya kuɗi dominta kaɗai, saboda VPN ko katangar tsaron kwamfuta sukan hana na'urorin ganin juna.

Game da sauya manhaja, ya danganta da yawan na'urorinka. Idan waya ɗaya ce, ka zauna inda kake. Idan kana son waƙoƙin su bi ka ko'ina ba tare da kwafewa ba, YouTube Music yana karɓar ɗorin waƙoƙi har 100,000 daga kwamfuta kyauta, har da na FLAC. Apple Music ma yana ɗorawa ta Sync Library, sai dai yana buƙatar biyan kuɗi, ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 200, kuma waƙar da ya samu irinta a rumbunsa zai ba ka tasa ce, wadda wani lokaci takan bambanta da naɗin da kake da shi. Ko wanne ka zaɓa, ka ajiye ainihin fayilolin a wani faifai na daban kafin ka fara.