Lissafin ɗigon ƙarin ruwa: a fara da karanta ledar roba

"Assalamu alaikum yayyena. Ni ɗalibar jinya ce a Sinnar, ɗakin da aka tura ni kuma babu na'urar ƙarin ruwa. Likita ya rubuta mil 500 a cikin awa 6. Ɗigo nawa zan sa a minti ɗaya, kuma yaya ake fitar da shi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na daɗe ina wannan aiki a Gadarif da agogon hannu kawai, bari in gaya miki yadda nake yi.

Lamba biyu kika kawo, alhali uku ake bukata. Ta ukun tana jikin ledar da robar ƙarin ruwan ta zo a ciki, kuma ita ce aka fi yagewa a jefa a kwandon shara ba a duba ba. Za ki ga rubutu irin `20 drops = 1 ml`, wato ɗigo 20 ne ke cika mil ɗaya a wannan robar. Robar manya akwai mai 10, mai 15 da mai 20, ta yara kuma 60 ce. Ga lissafin:

```
gtt/min = (ml × gtt/ml) ÷ min
```

`gtt` na nufin ɗigo. Wato yawan ruwan sau lambar robar, a raba da mintoci. Fara da mayar da awa minti: awa 6 minti 360 ke nan. In robarki mai 20 ce, 500 sau 20 ya ba da 10,000, ki raba da 360, ki samu 27.8. Ɗigo ba ya rabuwa, don haka 28 a minti. In mai 15 ce, amsar 21.

Kada ki raina wannan tazarar. Wani dare an kawo mana sabon kwalin roba mai 15, mu kuma hannu ya saba da mai 20. Na sa wa wani dattijo mai ciwon zuciya ɗigo 28 ban duba ba. Ɗigon mai 15 ya fi girma, sai ruwan awa 6 ya nufi ƙarewa a kusan awa huɗu da rabi. Da na zagayo na iske shi ya tashi zaune yana tari, numfashi sama-sama. Na rage ruwan ƙwarai, na jingina shi da matasan kai, na kira likita. Allah ya kiyaye, amma har yau ba na jefar da leda sai na karanta ta, ko da daga kwalin jiya ta fito.

Yanzu saitawa. Ki ɗaga agogo daidai ɗan kwalbar da ɗigon ke faɗowa ciki, yadda ido ɗaya zai kama su biyun. Ɗigo 28 a minti daidai yake da 7 a sakan 15, da wannan za ki riƙa murza ɗan gare-garen robar har ki kusanto. In ya zauna, ki ƙirga minti ɗaya cur, don kuskuren ɗigo ɗaya a sakan 15 ya zama huɗu a minti.

Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne, saitin nan ba ya tsayawa inda kika bar shi. Nauyin ruwa ne ke tura shi, don haka majinyaci ya lanƙwasa hannu ya ragu, ya miƙe ya ƙaru, mai jinya ya ɗaga ledar ruwan zuwa ƙusa ta sama ya ƙaru. Wani lokaci ma 'yan uwa ne ke buɗewa, suna ganin in ya shiga da wuri sauƙi zai zo da wuri. Ki yi musu bayani tun farko, cikin mutunci. Ni filasta nake mannawa a gefen ledar, in rubuta lokuta. Mil 500 a awa 6 kusan mil 83 ne kowace awa. In na ɗaura ƙarfe 8, to ƙarfe 11 sai in ga saura mil 250. Kallo ɗaya ya isa in san ko ana tafiya daidai.

In kin iske ruwan ya yi baya, kada ki buɗe shi don ya cike gurbi. Fara duba wajen kanula: kumburi, sanyin fata ko ciwo suna nuna ruwan ya bar jijiya yana taruwa ƙarƙashin fata, sai a tsayar a sake wuri. In lafiya lau ne, ki sanar da babbar nas ko likita a sake tsara lokacin, sannan ki yi sabon lissafi da abin da ya rage a leda.

Ga yara kuwa, roba mai 60 ta hutar da ke: mil nawa a awa, ɗigo nawa a minti, lamba ɗaya ce. Mil 40 a awa, ɗigo 40. Amma duk ruwan yaro, da ruwan da aka zuba wa fotasiyam ko insulin, kada ki saita ke kaɗai. Ki kai lissafinki a rubuce wani ya sake yi kafin ki taɓa robar.