Ayan ba ya zafi sosai, kuma bai daina jan wuta ba

Tambaya: "Ina guga a Nima. Ayan dina wata rana ya yi sanyi kamar ba a jona ba, wata rana ya ƙi yin 'ƙas' ɗin nan har ya ƙona mini riga. Me ya same shi?"

Malam, kafin ka kwance komai, fara da igiyar. Jona shi, ka lanƙwasa ta a hankali daidai inda ta shiga gindin ayan. In ƙaramar fitilar tana ƙyaftawa, ko wurin ya ɗau ɗumi yana warin roba, to silin tagullar ciki sun tsinke, saura kaɗan ke ɗaukar wuta. Na taɓa fere ta wani maƙwabcina a Mamobi, yadin waje lafiya lau, ciki kuwa sili uku kacal suka rage. Yanke wurin aka yi, aka sake ɗaurawa. Kada ka naɗe da salatif, wutar 230 ba abokiyar wasa ba ce.

Amma igiya ba ta hana ayan kashe kansa. Wannan aikin tamostat ne, a ƙarƙashin maɓallin da kake murzawa. Wani siririn ƙarfe ne mai falle biyu, in ya yi zafi sai ya lanƙwashe ya raba wasu ƙananan bakuna biyu da wuta ke bi ta cikinsu, ƙarar rabuwarsu ce kake ji. Duk rabuwa da ɗan tartsatsi, a hankali bakunan su yi baƙi, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Wata rana kuma su narke su manne, shi ne ya ci maka riga.

Zare fulogi, bari ya huce, ka murza maɓallin daga ƙasa zuwa sama. Ba ka ji ƙas ba, sun manne. In baƙi kawai bakunan suka yi, sanfefa mai laushi ta isa. Wanda ya taɓa mannewa kuwa, ni dai canza shi nake yi, don zai sake.