Daga shagon waya zuwa amsa ƙorafin kwastomomi: yaya zan auna shi?

Tambaya: Malam, ni ce shugabar sashen kula da kwastomomi a wani ƙaramin kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya a Kano. Muna neman mai amsa kira, sai wani matashi ya kawo takarda. Shekara 5 yana yaron shago a kasuwar waya ta Farm Centre, bai taɓa zama a ofis ba. Abokin takararsa kuwa ya yi shekara ɗaya da muƙamin jami'in kula da kwastomomi. Hankalina ya fi kwanciya da ɗan kasuwar, amma da wace hujja zan kare shi a gaban shugabannina?

Amsa: Hajiya, sunan muƙami yana gaya miki inda mutum ya zauna ne kawai, ba ya faɗar abin da ya yi a wurin. Na ga jami'in kula da kwastomomi wanda duk aikinsa miƙa fom da nuna layi. Haka shi ma "yaron shago" suna ne da ya haɗa mai ɗauko kaya daga sito da wanda maigida ke bar wa makulli ya tafi Legas sari. Saboda haka ki ajiye sunayen biyu, ki raba aikin shagon gida biyu: abin da ake yi kafin ciniki ya faɗa, da abin da ake yi bayan an karɓi kuɗi.

Kashi na biyun ne naki. Wanda ya sayi waya ranar Litinin ya dawo Alhamis yana faɗa wai ba ta caji, wa yake tararsa? Idan yaron nan ne yake zaunar da shi, ya tambayi wace caja ya sa, ya gwada da wata, ya duba rasit, ya bambance matsalar da garanti ya ɗauka da wadda ruwa ko faɗuwa ta jawo, to ya shekara 5 yana aikin da kike nema, suna ne kawai ba a ba shi ba. Kada ki tambaye shi ko yana da haƙuri, kowa zai ce yana da shi. Ce masa ya ba ki labarin kaya na ƙarshe da aka dawo masa da su. Wanda ya yi aikin zai tuna samfurin wayar da kuɗinta da abin da maigida ya ce. Wanda bai yi ba zai tsaya a "kwastoma ai sai da lallashi".

Kashi na farko kuwa, wato iya sayarwa, a nan nake so ki yi hattara, don shi ne yake burge mutane a wajen ganawa, kuma shi ne ya fi yin ɓarna daga baya. Gwanin kasuwa ya saba kada ya bar mutum ya fita da ɓacin rai. Zai yi ragi, ya ƙara gilashin fuska a matsayin gyara, ya ce "dawo gobe, in sha Allahu an gama". A shago wannan dabara ce, domin yana da ikon cika abin da ya faɗa ko ya roƙi maigida. A teburinki ba shi da ragin da zai yi, kuɗin da ya maƙale kuma yana tsakanin bankuna biyu ne da ba sa jin maganarsa. Duk alkawarin da ya yi don a rabu lafiya zai dawo gobe a matsayin kira na biyu, da fushi ninki biyu, wataƙila ma kan wata abokiyar aikinsa da ba ta san hawa ba balle sauka.

Ga gwajin da nake yi, bai wuce minti 15 ba. Nakan sa mai neman aikin a wani ɗaki da waya, don kada ya ga fuskata, tunda a shago rabin fahimtarsa daga kallon fuska take zuwa. Sai in kira shi a matsayin mai POS wanda ya tura wa kwastoma Naira 45,000, an cire a asusunsa, can kuma alat bai shiga ba, ga mai kuɗin a tsaye a kansa. Kafin nan na ba shi takarda guda mai ƙa'idar kamfani: yadda ake tabbatar da mai kira, da kwanakin da bincike ke ɗauka. Ina ɗaga murya, ina katse shi, daga tsakiya kuma in ce, "Bari in faɗa maka PIN ɗina ka shiga ka gani da kanka."

Wani da na taɓa gwadawa, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "Alhaji, na ji. Ƙarfe nawa ka tura, kuma wane banki?" Ya nemi in karanto masa Session ID, wato lambar shaidar tura kuɗi da ke jikin rasit, ya maimaita mini lambobin. Da na kawo maganar PIN ya tare ni, ya ce kada in faɗa wa kowa, har shi. Duk wannan daidai. Amma da na matsa masa da "yaushe kuɗina zai dawo?" sai bakin kasuwa ya motsa: "Kafin Magariba za ka gani." Babu wannan a takardar da na ba shi. Na nuna masa kuskuren, muka sake daga farko, a karo na biyu ya faɗi wa'adin da ke rubuce, ya ƙara da ranar da za a kira ni ko an gama ko ba a gama ba. Wannan maimaicin ya fi gwajin farko muhimmanci a wurina, don yana nuna ko mutum yana ɗaukar gyara. Wanda ya sake yin alkawarin bayan an nuna masa, ɗabi'a ce ta zauna, horon sati biyu ba zai cire ta ba.

Da an ajiye waya, ki ba shi minti 5 a kan kwamfuta ya rubuta abin da ya faru. A nan 'yan kasuwa da yawa suke faɗuwa, domin sun saba riƙe komai a ka, kuma su ne a shagon kullum. A wurinki wanda zai ɗauki kira na gaba wani ne daban. Ki miƙa rubutun ga wata ma'aikaciyarki da ba ta ji kiran ba, ki tambaye ta ko za ta iya ci gaba ba tare da ta sa kwastoma ya maimaita labarinsa ba. Tana buƙatar lokaci, adadin kuɗi, banki, lambar Session ID, abin da aka gaya wa mai kira, da wanda aka miƙa wa maganar. Jinkirin buga rubutu bai dame ni ba, yatsu suna sabawa, manhajar ma ana koyonta cikin 'yan kwanaki. Wanda bai san me ya kamata a rubuta ba shi ne zai wahalar da ke.

Akwai kuma sirrin mutane. A kasuwa ba laifi ba ne a ce "Alhaji wane ma irinta ya saya jiya". A nan zai riƙa ganin BVN da abin da ke asusun mutanen da ya sani, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana kan kamfaninku. Ki lura da yadda yake ba da labarin tsofaffin kwastomominsa, ko yana kama suna ba tare da an tambaye shi ba.

Ki yi wa mai muƙamin wannan gwaji, kira ɗaya, takarda ɗaya, kada ki sassauta wa kowa. In da hali wani abokin aikinki ya ba da maki shi kaɗai kafin ku haɗa, tunda kin riga kin ce zuciyarki ta karkata. Rubutun nan biyu da makin su ne za ki ajiye a gaban shugabanninki, kuma ki shirya, mai yiwuwa na ofis ɗin ne zai ci.