Kusurwoyin layin ƙarshe na kub ɗin Rubik

"Na gama layi biyu, amma duk sanda na zo juya kusurwoyin sama sai komai ya wargaje, ina matsalar?"

Ɗan'uwa ba wargajewa ya yi ba, juya kub ɗin gaba ɗaya kake yi a hannunka. Ka ajiye kusurwar da ba ta zauna ba a sama, gaba ta hannun dama, ka yi ta maimaita R' D' R D, wato R murza gefen dama ne, D murza ƙasa, alamar ' kuma murzawa ce saɓanin agogo, har rawayar kusurwar ta kalli sama, sannan ka murza saman kaɗai wato U ka kawo wata kusurwar da ba ta zauna ba wurin, ƙasan ko ya yi kaca-kaca kar ka kula, zai dawo da kansa.

Dalili kuwa sai an maimaita R' D' R D sau 6 kub ɗin yake komawa yadda yake, kowace kusurwa tana cin 2 ko 4. Kuma kar ka manta D ɗin ƙarshe, nan yawanci ake faɗuwa don mutum na ganin rawaya ta hau sai ya tsaya.