Maigidana ya yi kara a saƙo, Bajamushe ya ɗauka an ɗaga masa ƙafa

Tambaya: Malam, ni ne ke rubuta wa maigidana saƙonnin Turanci a Dawanau. Mun aika wa wani kamfani a Hambug kwantenar zoɓo, suka biya kashi 30 cikin ɗari, saura yuro 14,000 da ya kamata su biya ranar 15 ga Maris. Da aka yi mako biyu shiru, Alhaji ya ce in rubuta: "Muna gaisuwa, ya iyali? Idan ya samu sarari ya ɗan duba mana maganar nan tamu. Ba komai, ai ana tare." Na juya yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Suka amsa da godiya, suka ce za su biya a ƙarshen Mayu. Yanzu Alhaji ya ce ni na jawo. Ashe ba riƙon amana na yi ba?

Amsa: Ƙanena, ka kwantar da hankalinka, kuɗin bai salwanta ba, ana iya gyarawa a wannan makon. Amma saƙon da ya isa Hambug ba shi ne wanda Alhaji ya aika ba.

Duk Bahaushen da ya ji waccan magana daga bakin dattijo ya san an tuna masa bashi, kuma an fara ƙosawa. "Maganar nan tamu" kuɗi ne, an sakaya ne don kada a kunyata mutum. "Ba komai" kuwa daga wanda ke bin ka bashi, ka san da komai. Mai karantawa a can ba shi da wannan kunnen. Ma'aikacin ofishin biyan kuɗi ne, gabansa takardu ne jere bisa kwanan wata, abin da idonsa ke nema shi ne lambar takarda, adadi da rana. Bai ga ko ɗaya ba. Ya ga mai kaya da kansa ya rubuta cewa babu matsala, a duba idan an samu lokaci. Sai ya mayar da takardarku ƙarshen layi, ya kuma gode muku da zuciya ɗaya.

To, ga abin da ke ci mini rai, don kusan kullum sai na gamu da shi: wannan koyarwa da ake cusa wa yara cewa bin kalma da kalma shi ne amana, wai idan ka yi haka ka fita, laifi ba naka ba ne. Waɗanda ke yaɗa ta yawanci mutane ne da suka iya Turanci, suka yanka hatimi, suka kafa allo suna kiran kansu tafintoci, ba su taɓa zama tsakanin mai bashi da wanda ake bi ba. Abin da suke karewa shi ne kansu. Suna so ranar da ciniki ya lalace su buɗe takarda su ce, "Ga shi, abin da ka faɗa na rubuta." Alhaji bai ɗauke ka aiki don ka tanadi hujjar kare kanka ba, ya ɗauke ka ne don Bajamushe ya fahimci abin da Bahaushe zai fahimta. Idan an aike ka da zuma a ƙwarya, ka kai ƙwaryar ko tsagewa babu amma zumar ta tsiyaye a hanya, ba ka isar da aike ba.

Kuma haɗarin ya wuce jinkiri. Saƙon kasuwanci yana zama a rubuce. A dokar Jamus, idan ita ce ke hukunta yarjejeniyarku, kamfanin da ya wuce ranar biya da aka yanke ya shiga makara, kuma mai kaya yana da ikon neman ƙari a kan jinkirin. Ko Alhaji ba ya karɓar irin wannan ƙarin saboda addini, kasancewarsu a makare ƙarfi ne a hannunsa. Yanzu kuma suna riƙe da rubutunku mai cewa ba komai, sun amsa da ƙarshen Mayu, ku kuma kun yi shiru. Lauyansu zai iya cewa kun amince da sabon wa'adi. Karar da ta ƙara wa Alhaji girma a Dawanau, ita ce za a ɗaga a gabansa a matsayin shaida. Wanda ya koya maka bin kalma bai gaya maka wannan ba, don bai sani ba.

Abin yi kafin ka taɓa rubuta irin wannan saƙo shi ne ka tambayi mai saƙon, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, me kake so su yi, zuwa yaushe, kuma idan ba su yi ba fa?" Sau da yawa a nan ne za ka ji ainihin maganar, misali ya ce masu kaya na ƙauye suna jiransa, kuma ba zai loda kwantena ta biyu ba sai kuɗi ya shigo. Wannan shi ne saƙon. Sai ka tsara shi da Turanci a kan wannan siga: gaisuwa layi ɗaya, takardar kuɗi mai lamba kaza, yuro 14,000, ranar biyanta 15 ga Maris, har yau ba ta shigo ba, ba mu amince da ƙarshen Mayu ba, kuma saƙonmu na baya ba ɗaga wa'adi ba ne, muna roƙo a biya zuwa 15 ga Afrilu a turo mana shaidar banki, lodin kwantena ta biyu zai jira biyan, muna daraja hulɗarmu da ku. Kada ka ji tsoron cewa ya yi kaushi. A wurinsu faɗin rana da adadi ba tare da kwana-kwana ba shi ne mutunta lokacin mutum. Sannan ka karanta wa Alhaji da Hausa, ka ce masa, "Haka za su ji shi," ya amince kafin ka aika.

Akwai iyaka. Kana da ikon sauya yawan gaisuwa da taushin murya. Ba ka da ikon taɓa adadi, ko ƙirƙirar rana, ko ambaton kotu idan Alhaji bai ambata ba. Yarjejeniyar da za a sa wa hannu kuwa, ita ana binta sharaɗi da sharaɗi.

Idan amsa ta dawo, aikin ya juya. Bajamushe zai iya rubuto layi biyu babu sallama: danshin kayan ya wuce ƙa'ida, ba za mu karɓa a wannan farashi ba. Ka karanta wa dattijo haka tsirara, zai ce an raina shi, ya yanke hulɗa a kan abin da ba zagi ba ne. Ka sa masa gaisuwar da Hausa ke buƙata, ka bayyana masa cewa haka suke rubutu ga kowa. Amma ƙin karɓar ka faɗe shi ƙarara. Na ga yara da yawa da kunyar maigida ta sa suka mayar da "ba za mu karɓa ba" ta koma "sun ɗan yi ƙorafi", aka bar kaya a tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya yana hawa.

Idan kuma wata rana kuka fara sayar wa Japanawa riɗi, a can kai ne za ka buɗe kunne, don sun fi mu sakayawa. Suka ce abu "yana da ɗan wuya", galibi sun ƙi ne, kuma haka za ka gaya wa Alhaji, kada ya ajiye kaya yana jiran amsa.

Saƙon gyaran nan ka aika shi gobe da safe, kada ya kwana biyu, don kowace rana ta shiru tana ƙarfafa zancensu na ƙarshen Mayu. Ka haɗa da kwafin takardar kuɗin da na takardar lodin jirgi, ka kuma tura wa ofishin biyan kuɗinsu kai tsaye, ba ga mai sayen kaya kaɗai ba.